Allah ya ba su, ko Allah shi ba su? Tambayoyinku kan addu'ar aure

"Malam, za a ɗaura auren ƙanwata a Tawa, kawunmu ya ce in rubuta masa addu'ar da zai karanta. Na rubuta: 'Muna yi muku fatan farin ciki a cikin sabuwar rayuwarku. Ya Allah ka ba su zaman lafiya, Allah ya ba ku haƙuri, ku riƙa girmama juna.' Da na karanta masa sai ya ce ba ta zauna ba. Ina kuskuren?" Daga wani ɗalibi a Yamai.

Kunnen kawunka lafiya lau yake, ɗana. Jimlarka ta farko ba addu'a ba ce, rubutun katin gayyata ne da aka juyo daga Faransanci. Babu sunan Allah a ciki, kuma ba wanda zai ce amin a bayanta, don ba a roƙi kowa komai ba. Dattijo ba ya yi wa ƴaƴansa fata a wurin ɗaurin aure, albarka yake sa musu. "Sabuwar rayuwa" ma ba maganarmu ba ce. Mu yarinya ɗakinta za ta, shi ya sa tsofaffi ke cewa Allah ya sa gidan zamanta ne. Share wannan jimla gaba ɗaya.

Sai ka tambayi kanka: da wa kawu yake magana? A layi ɗaya ka sa shi ya fuskanci Allah da "ka ba su", ya juya ga ma'aurata da "ya ba ku", sannan ya koma yi musu gargaɗi. Fuska uku ke nan cikin numfashi ɗaya. A wurin ɗaurin aure, ko a masallaci ne ko a ƙofar gida, amarya tana cikin gida da mata. Waliyyinta da wakilin ango ne ke zaune, shi angon wani lokaci yana can bayan taro da abokansa. Ke nan "su" za ka rubuta tun daga farko har ƙarshe. "Ku" ta dare ce, lokacin da aka kawo su gaban manya kafin a kai amarya. Idan kawu zai yi magana a wurare biyun, rubuta masa takarda biyu. Shi kuwa "ku riƙa girmama juna" nasiha ce, wurinta daban, tare da su "yi na yi, bari na bari". Ana gama nasiha sannan a ɗaga hannu.

"Allah ya ba ku haƙuri" haka tsirara kalmar gidan rasuwa ce. Tsohuwa ta ji ta a gidan biki sai gabanta ya faɗi. Ɗaura mata abin da za a yi haƙurin a kansa: haƙurin zama da juna.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda masu rubuta wa dattawa addu'a ba su kula da shi. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. "Allah ya ba su zaman lafiya" a takarda magana biyu ce. In "ya" gajere ne, murya ta sauka a kansa, roƙo ne. In aka ja shi, murya ta hau, labari ne: Allah ya riga ya ba su. Mai addu'a da ka ba ya taɓa kuskuren nan, bakinsa ya sani. Mai karantawa daga takarda, yana bin harafi da yatsa, shi ne ke faɗawa ciki. Na gani da idona a wani ɗaurin aure a unguwar Bukoki ta Yamai. Wani dattijo mai mutunci, tabarau a bakin hanci, takarda tana rawa a hannunsa, ya riƙa jan kowane "ya" saboda idonsa na neman kalma ta gaba. Mutane sun ɗaga tafin hannu suna jira, amin ɗin ta riƙa zuwa ɗaiɗai, na baya ma suka fara duban faifan goro. Ba laifinsa ba ne. Wanda ya rubuta ne bai tuna cewa baki zai faɗa ba.

Ku mutanen Adar, wato ƙasar Tawa, kuna da maganin wannan a bakinku, amma ƴaƴanku na lakwal sun ɗauka ƙauyanci ne. Ba'adare cewa yake "Allah shi ba su". Wannan "shi" ba ya rikiɗa ya zama labari, ko an ja shi ko ba a ja ba. Tunda kawunka mutumin Tawa ne, rubuta masa yadda yake faɗa. Ina jin takaici in ga yaro ya gyara wa kakansa "shi" zuwa "ya" wai don ya zama daidaitacciyar Hausa. Daidaitacciyar Hausa ta littafi da jarida ce, tana da ranarta. Addu'ar da tsoho zai yi wa ɗiyar ƙanwarsa a ƙofar gidansu, da harshen gidan ya kamata ta fito.

Ma'aunin tsawo kuwa numfashi ne. Layi ɗaya, roƙo ɗaya ko biyu masu kama da juna, sannan a tsaya jama'a su ce amin. In akwai sanƙira mai ɗaga magana don na nesa su ji, to dole layin ya zama wanda zai iya riƙewa a kansa ya maimaita. Ga yadda zan rubuta:

Allah shi ƙara tsira da aminci ga Annabi Muhammadu.
Allah shi sa albarka cikin wannan aure.
Allah shi haɗa su cikin alheri.
Allah shi sa ƙauna da tausayi tsakaninsu.
Allah shi ba su haƙurin zama da juna.
Allah shi rufa musu asiri, shi buɗa musu ƙofar halal.
Allah shi ba su zuri'a ɗayyiba, maza da mata, su zame musu sanyin ido.
Allah shi kaɗe fitina, shi tsare su daga bakin mutane.
In sun saɓa, Allah shi sa su shirya tun magana ba ta fita ɗaki ba.
Allah shi ƙara danƙon zumunta tsakanin gidajen nan biyu.
Allah shi saka wa iyayen da suka sha wahalarsu.
Waɗanda suka rigaye mu, Allah shi jiƙan su.
Waɗanda ba su yi ba, Allah shi ba su nagari.
Allah shi mai da kowa gidansa lafiya.

Layi na biyu da na uku ba nawa ba ne. Ma'anar addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa wanda ya yi aure ce, wadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abu Huraira: Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khairin. In kawu ya haddace ta, ya fara da ita da Larabci kafin Hausar. Ƙauna da tausayi daga aya ta 21 ta Suratur Rum suke, sanyin ido kuma daga aya ta 74 ta Suratul Furƙan. Na sa "maza da mata" da gangan. Larabawan jahiliyya suna yi wa ango barka da cewa bir rifa'i wal banina, wato da jituwa da ƴaƴa maza, sai addu'ar albarka ta maye gurbinta. Bai kamata mu koma can ba.

Ka lura roƙon yana tafiya daga ciki zuwa waje: ma'auratan, ɗakinsu, ƴaƴansu, dangi, matattu, samari da ƴanmata, sai baƙin da suka zo. Wannan jeri ne zai taimaki kawu ko takarda ta kuɓuce masa. In amarya za ta tarar da uwargida, ƙara layi bayan na haƙuri: Allah shi haɗa kanta da abokiyar zamanta. Kada kalmar kishiya ta shiga addu'a. Rufewa da shafa Fatiha ka bar wa kawu da liman, gida gida ne, kowa da abin da yake bi.

Rubuta da manyan haruffa, kowane roƙo a layinsa, a takarda, ba a salula ba. Ka tambaye shi ko ajami ya fi sauƙi a idonsa. Ka zauna da shi daren jajibiri ya karanta da ƙarfi sau biyu kana cewa amin. Duk inda ya tsaya ya sake numfashi a tsakiyar layi, layin ya yi tsawo, raba shi.

"Surukata ta ce mini Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Raina bai so ba. Zagi ne?" Wata amarya, Konni.

A'a, ɗiyata, haihuwa ta roƙa miki. Ɗakin da ke da jariri ba ya zama tsaf, shi ne ƙazantar. Kunya ce ke hana manya kiran abin da sunansa. Ki ce amin a ranki. Kalmar cikin gida ce dai, ba a sa ta a addu'ar taron maza.

"Wanne ne daidai, aure ko arme? Abokaina na Kano suna yi mini dariya." Wani direba, Madawa.

Duka daidai ne, kuma masu dariyar ba su san naka ya fi nasu kusa da tushe ba. Tsohuwar kalmar amre ce. A gabas, wajen Kano, "m" da ke rufe gaɓa kafin "r" ko "n" ta narke ta zama "u", amre ya koma aure, ɗamre ya koma ɗaure, zamna ya koma zauna, samro ya koma sauro. Bajamushe August Klingenheben ya bayyana wannan sauyi tun ƙarshen shekarun 1920, har masana suna kiran ƙa'idar da sunansa. A wasu wuraren yamma kuma "m" da "r" suka yi musayar wuri, aka samu arme. In suka sake yi maka dariya, tambaye su me suke kiran matar da aka kawo. Amarya za su ce. Ga "m" ɗin nan zaune a bakinsu, don a wannan kalma wasali ya biyo ta, ba ta rufe gaɓa ba, sai ta tsira.

"Ana iya cewa mutu ka raba a cikin addu'a?"

Ana ji, amma ni ba na sawa. Cikon karin maganar "takalmin kaza" ne, kuma ko ba ka faɗa ba wani yaro a bayan taro zai cika maka. Ka ce Allah ya bar su tare.

"Mene ne bambancin barka da albarka?" Wata malamar makaranta, Tawa.

Tushensu ɗaya a Larabci, aikinsu ya rabu a Hausa. Barka gaisuwa ce, kowa na yi wa kowa, ƙanen ango ma sai ya ce wa yayansa barka da arziki. Albarka kuwa sa ta ake yi, ko a shi ta, kuma daga sama take saukowa: uba ga ɗa, uwa ga ɗiya, malami ga almajiri. Shi ya sa ɗalibin nan na Yamai zai iya rubuta takardar, amma ranar ɗaurin auren kawunsa ne zai karanta, shi yana cikin masu cewa amin.