Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Yadda Rauni Ke Warkewa da Abin da Ke Jinkirta Shi

Tambaya daga wata ɗalibar koyon aikin jinya: Likita, an koya mana cewa ja da kumburi suna cikin matakan warkewar rauni, kuma su ne alamun shigar ƙwayoyin cuta. Ta yaya zan bambance su?

Amsa: Malama, ki fara da ƙirga kwanakin raunin, domin kowace alama tana da lokacinta. A mintunan farko jijiyoyin jini kan tsuke, jini ya daskare ya toshe wurin. Daga nan sai matakin kumburi, wanda yakan ɗauki kwana 4 zuwa 6, lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke taruwa suna cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Ja da ɗumi da ɗan zugi a bakin rauni a waɗannan kwanaki aikin jiki ne, kuma ya kamata su riƙa raguwa kullum.

Mataki na uku yakan fara wajen kwana na 4 ya kai mako 3, inda sabon nama ja mai damshi ke tofowa daga ƙasa, jiki yana saƙa sinadarin kolajin mai haɗe nama ya ba shi ƙarfi, fata kuma tana rufowa daga gefe. Na huɗu shi ne ƙarfafar tabo, wanda kan ɗauki shekara ko fiye, kuma duk da haka tabon ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

Saboda haka, idan zugi ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi a kwana na 5, ko jan ya fara yaɗuwa nesa da bakin raunin, ko aka ga mugunya da wari da zazzaɓi, to ƙwayoyin cuta sun shiga. Nakan shawarci ɗalibai su zana iyakar jan da alƙalami a kan fata, su dawo su duba washegari, domin ido kaɗai yana yaudara.

Tambaya daga wani ma'aikacin jinya: An yi wa wani dattijo mai ciwon suga da ƙiba tiyata a ciki, yana kuma shan taba. A kwana na 7 bandejinsa ya jiƙe sharkaf da ruwa mai ratsin jini. Me ke faruwa?

Amsa: Malam, ka ɗauka ɗinkin ya fara farkewa daga ciki har sai likitan tiyata ya tabbatar da akasin haka. Wannan matsala ta fi aukuwa tsakanin kwana na 5 da na 10, lokacin da kolajin bai yi ƙwari ba, zare ne kawai ke riƙe da wurin. Ka kwantar da shi rigingine, ka ɗan ɗaga kansa, ya lanƙwasa gwiwoyinsa don cikin ya saki, kada ya ci ko ya sha komai, sannan ka kira likita nan take. Idan hanji ya leƙo, a rufe shi da tsabtataccen ƙyallen asibiti da aka jiƙa da ruwan gishiri na asibiti, kuma kada a yi yunƙurin mayar da shi.

Dalilan jinkirin sun taru a kan wannan bawan Allah. Yawan suga a jini yana raunana fararen ƙwayoyin jini, sai raunin ya maƙale a matakin kumburi. Nikotin da ke cikin taba yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, hayaƙin tabar kuma yana rage iskar oksijin da jini ke ɗauka, alhali kolajin ba ya saƙuwa sai da ita. Kitse ba shi da wadatattun hanyoyin jini, ga nauyin tumbi yana jan ɗinkin, ga tari yana ƙara matsa masa. Ka bincika ko yana shan magani irin firednisolon, wanda ke danne kumburi mai amfani, ka kuma lura da cin abincinsa, domin ƙarancin furotin da bitamin C da zinki yana hana sabon nama tofowa.

Tambaya daga wata mai jinyar mahaifiyarta: Shin barin miki a buɗe ya sha iska ya fi saurin warkar da shi?

Amsa: A'a, Hajiya. Sabuwar fata ta fi saurin rufe miki mai ɗan damshi, ɓawo busasshe kuwa tare mata hanya yake yi. A wanke da ruwan gishiri na asibiti a rufe, a canja bandejin idan ya jiƙe, kuma a guji yawan zuba ruwan haidurojin feroksaid mai kumfa, domin yana kashe sabon naman tare da ƙwayoyin cutar. Idan mikin na kwanciya ne, a riƙa juya Mama aƙalla duk awa 2.