Lemon Kwalba: Ƙiba, Haƙori da Ciwon Suga

Likita, ina da shago a kasuwar Terminus da ke Jos. Ba na cin abinci da yawa, amma kullum nakan sha lemon roba biyu, ga tumbi sai ƙaruwa yake. Lemon ne?

Alhaji, bari mu yi lissafi tare. Yawancin lemon kola na ɗauke da sukari kimanin giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100. Ke nan robar da aka rubuta wa 50cl tana da wajen giram 53, kusan cokalin shayi 13. Biyu a rana sun zama cokali 26. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalori, wato ƙarfin da jiki ke samu daga abincin yini, wanda ga babban mutum ya kama kusan giram 50. Roba ɗaya ta cinye maka kason yini tun ba a zo kan shayin safe ba.

Abin da ya sa lemo ya fi ɓarna shi ne ba ya ƙosarwa. Idan ka ci tuwo, ciki zai sanar da kai ya isa. Sukarin da aka narkar a ruwa kuwa wucewa yake da sauri, sai ka sha roba guda kuma ka ci shinkafar rana yadda ka saba. Robobin nan biyu sun haura kalori 400, kai kuma yini kake a zaune. Rarar da jiki bai ƙona ba, hanta ke juya wani sashenta zuwa kitse, ya taru a ciki.

Kada ka ce za ka daina dare ɗaya, da wuya hakan ya ɗore. Ka koma ƙaramar kwalba ɗaya a rana har mako biyu, daga nan sai ranar biki. Ka ajiye ruwan sanyi kusa da kai. Sannan ka auna ƙugunka daidai cibiya: in ya wuce santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, haɗari ya fara.

Yarona ɗan shekara biyar haƙoransa sun yi baƙi, ga kogo, alhali kullum ina goge masa. Nakan sa masa lemon kwali in zai tafi makaranta. Daga Unguwar Rogo.

Hajiya, a nan yawan kurɓa ya fi yawan lemon illa. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa zaizaye farin rufin haƙori. Miyau na buƙatar kamar rabin awa ko fiye kafin ya wanke shi. Yaron da ke tsotsar lemo kaɗan-kaɗan tun safe har tashi, haƙorinsa bai samu hutu ba. Lemon kansa ma yana da tsami, har wanda aka rubuta wa babu sukari.

Ki sa masa ruwa da ayaba ko lemon ɓawo. In zai sha lemo, ya sha tare da abinci a zama ɗaya, ya kuskure baki da ruwa, a jira rabin awa kafin a sa buroshi. A goge safe da dare da man goge baki mai fuloraid, kwatankwacin ƙwayar wake. Ki kai shi wurin likitan haƙori a makon nan. Kada a ce ai zai yi famfara, domin ruɓar na iya tara mugunya ta taɓa haƙorin da ke tafe.

Mahaifiyata na da ciwon suga. Na bar kola na koma maltina da zoɓo. Na tsira? Daga Bukuru.

Ba ki tsira ba tukuna, 'yar'uwa. Sukarin lemon malt bai gaza na kola ba, kuma zancen cewa yana ƙara jini ba gaskiya ba ne. Zoɓo da kunun aya na kasuwa kuwa, hannun mai haɗawa ne ma'auninsu. Ki haɗa naki a gida da citta da kanumfari, sukari kaɗan ko babu.

Gado yana ƙara haɗari, amma ƙiba da yawan shan zaƙi su ke gaggauta shi, saboda jiki yakan daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, sannu a hankali, shekaru kafin wata alama ta fito. Don haka kada ki jira ƙishirwa, yawan fitsarin dare ko rama. Ki je gwajin sukarin jini da safe, bayan awa takwas ba ki ci komai ba. Ƙasa da 100 mg/dL lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 kina bakin ƙofar ciwon suga, kuma rage nauyi da tafiyar minti 30 kullum na iya dawo da ke. In ya kai 126, a maimaita wata rana, ki kai wa likita sakamakon biyu.