Jadawalin sanadi, illa da mataki a darasin labarin ƙasa

Tambaya: "Na karanta labarin ƙafewar Tafkin Chadi har sau uku, amma a jarrabawa komai ya cakuɗe min. Yaya zan tsara shi?"

Ka ja layi ka raba takarda gida uku: sanadi, illa, matakin da aka ɗauka. Sirrin yana kan jerin kwance: kowane sanadi ya fuskanci illarsa da matakinsa a layi ɗaya. Layin farko: farin shekarun 1970 da 1980, ruwan kogin Shari ya ragu, tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya tsuke, masuntan Baga suka bi ruwa, wasunsu suka koma noma a ƙasar da ruwa ya janye. Layi na biyu: ɗibar ruwa don noman rani, ƙarancin ruwa ga mutanen da ke ƙasan kogi, rabon ruwa ƙarƙashin Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne abu mai fuska biyu. Tsukewar tafki illar fari ce, amma ita ce sanadin rikicin manoma da makiyaya. Kada ka rubuta ta sau biyu, ja kibiya kawai zuwa sabon layi.

Kowane gida kada ya wuce gajeriyar jimla da adadi ɗaya. Sannan ka rufe gidan tsakiya da tafin hannu, ka faɗo shi da ka. Wanda ya maƙale, sa masa jan biro.