Kwayoyi masu ɗigo a tsakiya a sakamakon gwajin jini

"An rubuta min target cells ++ da few sickle cells. Sikila ce da ni?"

Wannan haɗin ya fi karkata ga jini rukunin SC, wanda shi ma nau'in sikila ne, ba SS ba. A SC, jajayen ƙwayoyin jini masu ɗigo a tsakiya, wato target cells, kan yi yawa, masu siffar lauje kuwa, wato sickle cells, ɗaiɗai ne. Mai AS da wuya a ga lauje a jininsa. Amma ɗigon shi kaɗai ba hujja ba ne, don ciwon hanta da ƙarancin sinadarin ƙarfe ma suna kawo shi. Gwajin Hb electrophoresis, mai tantance ko jini AS ne, SC ko SS, shi ne zai raba gardama, sai dai in an yi maka ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, ka gaya wa likita.

Da blasts aka rubuta, wato ƙwayoyin jinin da ba su nuna ba, da na ce ka je asibiti yau, domin yana iya nuna sankarar jini.