Yarjejeniyar aiki tsakanin sashe biyu

Tambaya: "Ina sashen sayayya a wani kamfani a Ikeja. Sashen kuɗi na jinkirta biyan masu kawo mana kaya, manaja ya ce mu rubuta yarjejeniya tsakaninmu. Ta ina zan fara?"

Malam, fara da lokacin da agogo zai soma tafiya, domin nan ne rigima take ɓuya. Idan ka rubuta "za a biya cikin kwana biyar" kawai, kai za ka ƙirga daga ranar da ka miƙa takardu, su kuma daga ranar da suka ga takardun sun cika. Ku rubuta cewa ƙirge yana farawa ne idan abu uku sun iso tare: takardar oda, takardar neman biya, da shaidar karɓar kaya daga sito. Kwanakin aiki ake nufi, ban da Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Abin da ya iso bayan ƙarfe biyu, na gobe ne.

Su ma a ɗora musu nauyi: in takarda ba ta cika ba, su dawo da ita cikin kwana ɗaya tare da dalili. In babu wannan sharaɗi, sai fayil ya yi mako a tebur kafin ka ji labari.

Kada ka sa tara. Kuɗin kamfani ɗaya ne, daga wannan aljihu zuwa wancan. Abin da ke aiki shi ne: in an wuce wa'adi, magana ta je ga shugaban sashe, bayan kwana biyu ta je ga manaja. Ku buɗe rajista ɗaya ta shiga da fitar takardu, ku duba ta tare duk ƙarshen wata.