Rubutu mai dishi-dishi da alamar da ta ɓace a shafi

Tambaya: Malam, na gina wa wata makarantar Islamiyya a Tudun Wada, Zariya, shafin rajista. Shugabanta, dattijo mai raunin gani, ya ce rubutun yana yi masa dishi-dishi, kuma idan ya danna Tab ba ya sanin inda yake. Yaya zan gwada?

Amsa: Malama, ki fara da launi, kuma kada ki amince da idonki, domin abin da mai lafiyar ido yake gani fes a cikin ɗaki yakan ɓace wa dattijo, balle ma a kan waya cikin ranar Zariya. Ana auna bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa da lissafi, daga 1:1 zuwa 21:1, wanda shi ne baƙi a kan fari. Ƙa'idar WCAG, wadda take tsara yadda shafukan intanet za su yi wa masu nakasa sauƙin amfani, a matakinta na AA ta bukaci 4.5:1 ga rubutu na yau da kullum, ta kuma sassauta zuwa 3:1 ga manyan haruffa, wato daga 24px zuwa sama.

Ki danna dama a kan rubutun a cikin Chrome, ki zaɓi Inspect, sannan ki taɓa ɗan akwatin launin da ke gefen color, za ki ga adadin. Mu ce kin sa ruwan toka #999999 a kan fari, kamar yadda masu zane da yawa suke yi don kwalliya. Wannan 2.85:1 ne kawai, ya faɗi. Idan kika mayar da shi #767676 zai kai 4.54:1, ya tsallake da ƙyar, shi ya sa ni nakan ƙara duhunsa fiye da haka. Inda aka fi mantawa shi ne rubutun misali da ke cikin guraben fom, da kuma layin da ya kewaye gurbin, wanda shi ma yana bukatar 3:1.

Batun Tab kuwa, ina kyautata zaton akwai outline: none a cikin CSS ɗinki, domin shi ne yake goge zoben da ke nuna inda mutum ya tsaya. Ki cire shi, ki sa wannan:

```css
:focus-visible {
  outline: 3px solid #005fcc;
  outline-offset: 2px;
}
```

Wannan shuɗin yana ba da kusan 6:1 a kan fari, amma a kan bango mai duhu sai kin sake aunawa, wataƙila ki sa zoben ya zama fari a wurin.

Daga nan ki ajiye linzami gefe, ki cike fom ɗin tun daga sama da Tab da Shift+Tab da Enter kaɗai. Duk lokacin da kika danna, ki tabbata kina ganin zoben kuma yana bin tsarin karatu. Idan ya tsallake maɓallin aikawa gaba ɗaya, to galibi da div aka gina shi, sai ki mayar da shi button. Bayan gyaran, ki zauna kusa da shugaban ya cike fom ɗin da kansa, ki lura da gurbin da ya tsaya yana lalube.