Mai gida ya tsallake iyakar ƙarin haya da muka sa wa hannu, me zan rubuta masa?

Tambaya: Lauya, barka da aiki. Ni tela ne, ina haya a ciki da falo a Aboabo, nan Kumasi. Mun yi takardar shekara biyu da Alhaji mai gidan a kan sidi 600 a wata, aka rubuta cewa in za a sabunta, ƙari ba zai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Takardar za ta ƙare a ƙarshen Disamba. Sai ga ɗansa ya turo mini saƙon murya wai daga Janairu haya ta koma 900, kuma na shekara guda a dunƙule, in ban iya ba in kwashe kayana. Abokaina sun ce in daina biya har sai ya sauko. Ni kuma Alhaji sa'an mahaifina ne, masallaci ɗaya muke salla.

Amsa: Malam, shawarar abokanka zan fara kashewa, don ita ce za ta iya raba ka da ɗakin. A Dokar Haya ta Ghana ta 1963, mai lamba 220, sashe na 17 ne ya jera dalilan da kotu za ta iya fitar da ɗan haya a kansu, kuma na farkonsu shi ne a yi wata guda ba a biya hayar da ta wajaba ba. Yau kai ne mai gaskiya. Ranar da ka riƙe kuɗi ka miƙa wa ɗan Alhaji sandar dukanka.

Sai ka san inda ƙarfinka yake. Wannan kashi 10 ɗin alkawari ne tsakaninku, daga takardarku ya fito, saboda haka kalmomin takardar su ne komai. Ɗauko ta ka karanta layin nan sau uku, in da Turanci aka rubuta ka sa wanda ka yarda da shi ya fassara maka kalma bayan kalma. Abin da kake nema: kashi 10 ɗin a kowace sabuntawa ne, ko a kowace shekara? In a sabuntawa ne, kamar yadda ka faɗa, lissafi bai da wuya. Kashi 10 na 600 shi ne 60, sabuwar haya 660. In kuwa "a shekara" aka rubuta, ka shirya jin Alhaji ya ce shekara biyu bai taɓa ka ba, don haka zai hau sau biyu: 600 ta zama 660, 660 ta zama 726. Ko an bi masa wannan lissafin, wanda ni ina da ja a kansa, har yanzu bai kusa 900 ba. Daga 600 zuwa 900 ƙarin kashi 50 ne cif.

Akwai kuma wani wuri da takardun da ake bugawa a shagon kwamfuta suke yawan yoyo. Wata takan ba ɗan haya damar sabuntawa in ya sanar a rubuce, misali wata uku kafin wa'adi. Wata kuwa cewa kawai take "za a iya sabuntawa in ɓangarorin biyu sun yarda". Ta farko ta ɗaure mai gida. Ta biyu ta bar masa ƙofar cewa ai bai yarda ya sabunta ba. In taka irin ta farko ce, duba ranar sanarwar yau ɗin nan, kada ta wuce kana jiran ɗan Alhaji ya huce. In irin ta biyu ce, hujjarka ta yi rauni amma ba ta mutu ba, domin ƙarewar wa'adi kaɗai ba ta ba mai gida ikon fitar da kai da hannunsa. Sai ya je kotu ya kawo dalilin da doka ta sani.

Wasiƙar, Alhaji za ka rubuta wa, tunda shi ya sa hannu, ɗan kuma ka ba shi kwafi. Ka yi ta da harshen da aka rubuta yarjejeniyar, don jami'in Rent Control, ofishin gwamnati mai kula da haya, da zai karanta ta nan gaba. Ga ma'anarta:

"Assalamu alaikum Baba Alhaji. Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu saƙo ta hannun ɗanku cewa hayar ɗakin da nake ciki za ta koma sidi 900 a wata daga Janairu. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta ce in za a sabunta, ƙari ba zai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Hayar yanzu 600 ce, don haka iyakar sabuwar haya 660. Ban amince da 900 ba. Ina sanar da ku cewa ina son sabunta zamana a kan 660, kuma a shirye nake in biya na wata shida, sidi 3,960, ranar da kuka sa. Ina roƙon amsarku a rubuce cikin kwana 14. In ba mu daidaita ba, zan kai maganar ofishin Rent Control su duba mana. Ga kwafin yarjejeniyar a haɗe. Allah ya ƙara girma."

Ka ƙara ranar da aka sa hannu, lambar sakin layin da ya yi maganar kashi 10, lambar gida, kwanan wata da sa hannunka. Shi ke nan. Kada ka cusa zancen kwanon da ke yoyo ko rigimar kuɗin ruwa, kuma kada ka rubuta cewa kasuwa ta yi sanyi ba ka da hali. Wannan ya mai da wasiƙar roƙo, alhali haƙƙi kake tunatarwa. Na sa wata shida da gangan: sashe na 25 na dokar ya hana mai gida neman adibas fiye da na wata shida. Na sani, daga Aboabo har Asawase shekara ɗaya ko biyu ake karɓa, kowa ya yi shiru, amma a gaban jami'i shirun unguwa ba hujja ba ne.

Buga kwafi biyu. Kada ka aiki yaro. Ka tafi da dattijo ɗaya da Alhaji ke jin nauyinsa, ku same shi a gida, a gaisa, ka miƙa da hannu biyu, ya sa hannu a naka kwafin. In ya ƙi, ga shaidarka a zaune, sannan ka tura hoton wasiƙar ta WhatsApp ka adana. Saƙon muryar ɗan ma kada ka goge.

Abin da na fi ganin yana ɓata irin wannan shari'a shi ne biyan da aka yi don a zauna lafiya. Mutum ya biya 900 sau ɗaya ba tare da ya rubuta cewa bai yarda ba, gobe a ce ai ya amince da sabon farashi. Kai 660 za ka biya, a kan lokaci, ka karɓi rasit, don doka ta wajabta a ba ka. In an ƙi karɓa, tura ta MoMo zuwa lambar da ka saba biya. In an dawo da kuɗin, ajiye shaidar, kuɗin ma ka ajiye su gefe kada su shiga sayen zare.

Kwana 14 suka cika ba amsa, ko aka fara cire maka wuta ko barazanar sa kwaɗo a ƙofa, wanda shi ma laifi ne a dokar, sai ka nufi ofishin hayar. Za su kira ku duka biyu su nemi sulhu, suna kuma da ikon tantance hayar da ta dace da ɗakin. In abu ya ƙi, sai kotun majistare. Ka riƙe asalin yarjejeniyar, rasit ɗinka, wasiƙar da wayarka. Ka kuma duba ko an biya wa takardar harajin hatimi, domin kotu kan ƙi karɓar wadda ba a buga wa ba har sai an je an biya.